Mai sauraro ba ya komawa baya

’Yan uwana matasa masu tsayawa gaban jama’a, ku ji tsoron jimlar da ta fi numfashinku tsawo. Mai karatu in ya ɓace sai ya mayar da ido layin sama. Mai sauraro ba shi da wannan gatan, abin da ya wuce shi ya wuce ke nan.

Na taɓa jin wani sakataren ƙungiya ya karanta wannan a taro: “Bisa la’akari da jinkirin da aka samu wajen amincewa da kasafin kuɗi, wanda ya sa ayyuka da dama suka tsaya, duk da ƙoƙarin da mambobi suka yi tun farkon shekara, kwamiti ya yanke shawarar ɗage zaɓe zuwa watan gobe.” Kalma 39 ce, kuma sai an wuce 30 kafin a ji wanda ya yi aikin. Ya shaƙi iska a tsakiya, muryarsa ta dushe daidai kan “ɗage zaɓe”, na kusa da ni ya taɓa ni yana tambaya, “Wai me aka yanke?”

Da cewa ya yi: “An ɗage zaɓe zuwa watan gobe. Ga dalili. Kasafin kuɗi bai fito da wuri ba, ayyuka suka tsaya, mambobi suka yi iya ƙoƙarinsu, amma lokaci ya ƙure. Saboda haka, zaɓe sai watan gobe.” Kalma 6, sai 2, sai 19, sai 6. Ta ukun doguwa ce amma ba ta wahalar da kunne, domin gaɓoɓinta a jere suke, kowace ta cika ma’anarta kafin ta gaba ta shigo. Maimaicin ƙarshen nan, wanda edita zai soke a takarda, shi ne komawa bayan da ka yi wa mai sauraro.

Ku kula da “wanda”, “kasancewar” da “duk da cewa”. Su ke rataye magana. Haka “ba” ta korewa: in ka buɗe da “bai” ka jera kalma ashirin kafin “ba” ta rufe, an riga an manta korewa kake yi.

Kada kuma a zarce. Wasu da sun ji wannan sai su daddatse komai kalma biyar-biyar, jawabi ya koma bugun guduma, kunne ya gaji. Gajeriyar jimla tana samun nauyinta ne daga doguwar da ta gabace ta.

Kafin ranar taro, miƙe tsaye ka karanta da ƙarfin muryar da za ka yi amfani da ita, ba a zuci ba, alƙalami a hannu. Duk inda ka ja numfashi alhali babu aya ko waƙafi, ja layi a wurin, ka raba jimlar, ka sake karantawa daga farkon sakin layin.