Kuɗin buhu biyar da ya sayi buhu uku

Akwai wata ɗabi'a da muke da ita a garin nan na Maraɗi, ni ma ina cikinta dumu-dumu. Idan aka tambaye mu nawa ne buhun hatsi, ko nawa ake canjin naira, sai mu faɗi abin da muka ji na ƙarshe, da cikakkiyar murya, kamar yanzu muka fito daga kasuwa. Ba ƙarya muka yi ba. Amma wanda ya tambaya "yau" yake nufi, mu kuma mun ba shi labarin watan jiya ba mu gaya masa ba.

A watan Fabrairun 2024 ɗan kawuna da ke aiki a Kano ya kira ni. Ya ce, "Yaya, ina so in saya wa Inna hatsi buhu biyar a kai mata ƙauye kafin azumi. Nawa zan turo?" Ina kan babur, na tsaya gefen hanya, ban ko yi tunani ba na ce buhu jika 24 ne, wato sefa 24,000, canji kuma naira 2,000 a jika ɗaya. Muka lissafa tare: buhu biyar sefa 120,000, wato naira 240,000. Ya yi godiya, bayan kwana biyu ya turo ta hannun wani ɗan kasuwa.

Abin da ban gaya masa ba, don ni kaina ban lura ba, shi ne duka lissafin biyu na watan Disamba ne. A lokacin na sayi nawa hatsin, kaka ba ta jima da wucewa ba, kuma a lokacin na yi canji na ƙarshe. Da na je wurin mai canji ya ce naira 2,600 ce jika. Kuɗin suka dawo sefa 92,000 da ƴan kai. Na shiga kasuwa ran Juma'a, mai hatsi ya ce, "Malam, jika 27, kuma ba ragi." Buhu uku suka ci 81,000. Ragowar jika 11 ta sayi tiya 15, don da awo tiya ɗaya dala ɗari da arba'in ce, wato sefa 700. Buhu biyar ya koma buhu uku da tiya 15. Da na ba shi lissafin ranar, naira 351,000 zai nema, ko kuma tun farko ya ce a sayi uku, ya gaya wa uwarsa uku.

Kuɗin ba su ne suka fi damuna ba. Ya riga ya gaya wa tsohuwa buhu biyar na zuwa. Ni kuma da bakina na faɗi farashi, ni na karɓi kuɗi, ni na kai buhu uku. Bai ce mini komai ba, yaro ne mai kunya, amma duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin ɗan'uwa ya san irin shirun nan.

Na ji masu cewa maganin abin shi ne mutum ya ce bai sani ba kawai. Ban yarda ba. Wanda ya kira ka daga Kano ko Agadas ko Yamai ba shi da ido a kasuwar Maraɗi sai kai, kuma tsohon farashi yana da amfani idan an haɗa shi da ranarsa. Abin da ya kamata in ce shi ne: "A Disamba na saya jika 24. Yanzu wata biyu ke nan, kuma hatsi hawa yake yi in an yi nisa da kaka, don haka ka sa a ranka ya ɗara haka. Canji kuwa kada ka riƙe nawa, bari in tambaya yau." Wannan amsa ta ba shi lamba, ta ba shi shekarunta, ta nuna masa inda take fuskanta. Minti ɗaya ba za ta ci ba.

Kuma ba kowane farashi ne ke tsufa da sauri iri ɗaya ba, wannan ne ya kamata mutum ya sani kafin ya buɗe baki. In ka tambaye ni sefa nawa ne yuro ɗaya, zan ce 655.957 ko daga barci aka tashe ni, don tun 1999 a ɗaure take a haka. Naira ba ta da wannan turken. Tun da gwamnatin Najeriya ta sake ta a watan Yunin 2023, dalar Amurka da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce naira 1,500 a Fabrairun 2024, daidai lokacin da nake zaune da lissafina na Disamba. A irin waɗannan kwanaki canjin safe ba shi ne na la'asar ba. Hatsi yana tsakiya. Yana da hanyarsa da kowa ya sani: ya sauka in an yi girbi wajen Oktoba da Nuwamba, ya riƙa hawa a hankali cikin rani, ya kai ƙololuwa da damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Farashin Litinin yakan kai ka Juma'a ba tare da ka ji kunya ba, amma na wata biyu ya mutu. Sai dai in wani abu ya faru a kan iyaka, kamar rufewar da Najeriya ta yi a Agustan 2019, ko wadda ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, to a nan ko na mako ɗaya ba abin dogaro ba ne, don Maraɗi da Jibiya da Katsina numfashi ɗaya suke yi ta Ɗan Isa.

Sannan ko ranar ta yi daidai, lamba ita kaɗai tana iya yaudara. Jika 27 ɗin nan a ina? A kasuwar ƙauye inda manomi ya kawo da amalanke, ko a cikin gari bayan an biya mota da ƴan dako? Buhun da ake kira na kilo 100, tiya 40 ce a ciki ko an ɗan tsakure? Kuɗin da mai kaya ya fara faɗa ne, ko wanda aka yi sallama a kai? Hatta bayanin farashi da SIMA, ma'aikatar da ke bin farashin amfanin gona a kasuwannin Nijar, ke fitarwa mako-mako, da ranarsa da sunan kasuwarsa yake zuwa. Mu ne muke yanke ranar mu tura wa juna lambar tsirara a waya, ta yi ta yawo har wata uku ana cewa "farashin yau". Ga kuma ƙidayarmu ta dala: ka ce wa wanda ya girma a Kano tiya ɗari da arba'in, shi 140 zai rubuta, ba 700 ba.

Ɗan kawun nawa ya sake kira bayan salla, wannan karon wake yake tambaya. Na ce masa rabona da layin masu wake ya kai mako uku, ga abin da na ji a lokacin, amma kada ya turo ko dala sai ya ji ni ran Litinin da hantsi. Ya yi dariya ya ce, "To Yaya, Allah ya kai mu." Ran Litinin na kira shi ina tsaye gaban buhunan, na miƙa wa mai waken waya suka yi cinikinsu da kansu.