Na kai ƙarar miyar kuka Tawa

Rigimarmu da Hadiza ba ta wuce kuɗin cefane ba. Ina ba ta jika biyu kullum, ta ce su koma uku, na ce babu, sai ta kwana biyu tana ajiye mini tuwo da miyar kuka wadda ko ƙashi babu a cikinta, tana gaishe ni da ladabin da ya fi zagi ciwo. A dare na biyu na fita ƙofar gida a Bukoki na kira Inna a Tawa, wai don in rage zafi. Kafin azahar washegari labarin ya bi ta hannun Gwaggo ya zagaye dangi, ya dawo mini Yamai da cewa Hadiza ta yi yaji, alhali tana tsakar gida tana wanki.

Ranar Asabar Baffa Alhaji, wanda ya karɓar mini auren, ya sauko daga mota bayan tafiyar kilomita fiye da 500, kuma bai zo shi kaɗai ba. Ya biya ya ɗauko Kawu Sani, alwalin Hadiza, domin a cewarsa aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce a tayar da mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, kuma duk wanda ya saurari baki ɗaya ya yanke hukunci, wuta ya ƙara wa itace.

Aka shimfiɗa tabarma, su biyu a kan kujera, ni a ƙasa na cire hula. Baffa ya ce, "Ɗana, tambayoyina uku ne. Akwai duka, ko zagin iyaye, ko hana ci da sha?" Na ce babu. "Kalmar saki ta fita daga bakinka, ko da wasa?" Na ce Allah ya kiyaye. Ya ce alhamdu lillahi, domin da ta fita, da ba mu ne za mu zauna ba, malami za a nema ya ji lafazin da aka yi kafin a yi maganar idda da kome. Sannan ya yi ta ukun, wadda har yau nake jin ta a kunnena: "Sau nawa kuka rufe ɗaki ku biyu kuka yi maganar nan?" Na dubi tabarma, na ƙirga zarenta, na ce ina shirin yi. Ya ce bai ji ba. Na maimaita da ƙarfi cewa ina shirin yi. Ya juya ga Kawu Sani ya ce, "Ka ji, yana shiri," Kawu kuma ya gyara rawani don kada a ga bakinsa.

Isufu mai shayi, wanda babu wanda ya kira shi, ya shigo da kofi uku ya tsaya a bakin zaure, sai jujjuya tire yake yi. Mutumin nan ina binsa jika biyar tun Azumi, amma shi ne ya yi tari daidai lokacin da aka ambaci miyar kuka, kuma da bakinsa duk ƴan fadarmu suka samu labari. Yanzu ko'ina na wuce sai a tambaye ni ko shirin ya kammala.

Aka kira Hadiza, ta durƙusa ta gaida su, ta fito da wani littafin ƴan lakwal wanda ban taɓa sanin tana da shi ba. A ciki ta rubuta gawayi, mai, tattasai da albasa na wata biyu, har da ranakun da ta cika da kuɗin adashinta. Ta ce, "Baffa, ni ban kai ƙara ba, ina jiran Malam ya huce ne." Baffa ya ce mini abin da ya kai a kira manya shi ne cutarwa, ko yaji na gaske da ke bukatar biko, ko maganar da aka zauna a kanta sau biyu sau uku ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Idan an kai nan, alwali ko limamin unguwa mai riƙe sirri ake nema, sai abin ya fi ƙarfinsu a je wurin mai unguwa ko alƙali. Uwa kuwa, in ji shi, kai za ka manta kafin sati, ita tana riƙe da shi har ranar sunan jikanta.

Aka tsayar da jika biyu da rabi. Ni na biya kuɗin motarsu zuwa da komawa, na saya musu kilishi, abin da na lissafa ya kai ƙarin cefanen wata uku. Inna har yanzu tana kira ta tambaya ko ina samun nama, kuma Hadiza ce take ɗaukar wayar.