Garin kuka ya ja min

Anti ce ta ce in haɗa mata tallar murya ta sakan 30 don status, garin kuka da daddawa da yajinta dai da kuka sani. Ni kuma da iyayi na ce ba sai an biya ɗan rediyo ba, manhajar murya ta AI za ta karanta kyauta.

Karatun farko ta zuba da gudu kamar mai gwanjo, farashin ma da Turanci ta faɗa saboda na sa 500 da lamba, sai da na rubuta "naira ɗari biyar" da haruffa. Sai na ce ta karanta a natse cikin murya mai taushi, na sa mata alamar rage gudu `<prosody rate="slow">`, bayan kowace jimla kuma alamar yin shiru `<break time="900ms"/>`. Ban saurara ba na tura, data ta kusa ƙarewa.

To ashe rubutunmu ba ya nuna jan wasali balle karin sauti, mu ne muke ganewa da kanmu. Gari na tuwo ana jan "ga" ɗin, gari na mutane ba a ja. Kuka ta miya murya sauka take a ƙarshe, kuka na hawaye a sama yake tsayawa. Ita kuwa ta zaɓi na banza duka biyun. Abin da ya fita, da muryar mai sanarwar rasuwa a rediyo: "Assalamu alaikum 'yan uwa." Shiru. "Hajiya tana sanar da ku." Shiru mai tsawo. "Akwai garin kuka a gidanta."

Ko minti goma ba a yi ba Gwaggo ta kira tana salati, wai waye ya rasu, ta riga ta ɗau mayafi tana bakin titi tana tsayar da adaidaita. Ina cewa Gwaggo talla ce, tana cewa kar ka ɓoye min ɗan nan, na san Alhaji bai da lafiya. Alhajin kuwa yana gefena yana shan fura, a sifika yake jin komai, ya ajiye ludayi ya ce to Allah ya ji ƙaina.

Amma wanda ya fi ƙona min rai mijin Ummi ne. Mutumin da har yau bai biya ni kuɗin cajar da ya ƙona ba, shi ya tura abin gurup ɗin dangi ya rubuta "injiniya ya kashe surukinmu". Injiniya fa. Ranar sunan ɗansa wa ya gyara masa janareta?

Na dai koma na rubuta "gaarin kuukà", na rage shirun zuwa 300ms, na ce da fara'a irin ta mai kiran kwastoma a kasuwa. Garin ya gyaru, kukan dai sai a hankali, ƙarshe "garin miyar kuka" na sa. Anti ta ce in bar shi, ta riga ta yi da bakinta. Wai mudu biyu aka saya cikin 'yan zuwa gaisuwa.