Mafarki ba shaida ba ne a kan abokin zama

'Yan'uwana matasa masu sabon aure, wata ƙanwata da ta je wankan jego gidan iyayenta a Daura ta yi mafarki har sau uku cewa mijinta, wanda ta bari a Katsina, yana tare da wata mace a ɗakinta. Kafin ta yi arba'in ta daina ɗaga wayarsa, alhali bawan Allah bai san laifinsa ba.

Da muka zauna, tambaya ɗaya na yi mata: in aka cire mafarkin, me ya rage? Ta yi shiru, sannan ta ce babu. Abin da ke akwai shi ne mai jego da ba ta samun barcin kirki saboda jariri, tana ganin jikinta ya canza, ga 'yan barka suna tsokanarta cewa kafin ta koma an yi mata kishiya. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, da tsoratarwa daga Shaiɗan, da abin da mutum yake saƙawa a ransa. Nata na ukun ne, domin abin da ta wuni tana tsoro shi ta kwana tana gani.

Rashin natsuwar zuciya ana gane shi da cewa ba ya ƙoshi da amsa. Idan miji ya nuna inda ya je, sai zargin ya koma kan wanda ya kira shi, idan an warware wannan kuma ya koma kan turaren da ya fesa. Gargaɗi na gaskiya kuwa a farke ake ganinsa, ana iya faɗin ranarsa da wurinsa, kuma wani mai hankali da ba ya cikin kishin zai yarda abin dubawa ne, kamar mutum ya ce ya kwana a Kano wajen sarin kaya, a tabbatar bai bar gari ba, kuma hakan ya maimaitu. Malamai suna kawo hadisin da ya raba kishin da Allah yake so, wato mai dalili, da wanda yake ƙi, wato marar dalili. Maza ma ba su tsira ba, kuma nasu ya fi muni, tunda saki yana hannunsu.

Ko da dalilin ya tabbata, ba a bin sa da binciken waya a ɓoye, wanda aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana, balle zuwa wurin mai duba da zai ƙara wa wuta fetur. Ana tambaya ne cikin sirri, a ambaci abin da aka gani, in ya gagara a kai wa waliyyai. Ita kuwa ƙanwata, na ce in ta sake yin mafarkin ta yi tofi ta hagu sau uku, ta nemi tsari daga Shaiɗan, ta juya kwanciya, kada ta ba ƙawaye labari, da safe kuma ta kira mijinta ta ce masa tana kewarsa.