Naman yankakke ne, to kuɗin da aka saye shi fa?

Bazazzagi ba zai ci naman da bai san wanda ya yanka ba. Madalla. Amma da yawanmu mun tsayar da halal da haram a bakin tukunya, alhali kalmomin nan na Larabci hukunci ne a kan kowane aiki: abin da Allah ya yarda a yi da abin da ya hana. Aure, magana, ciniki, albashi, duk suna ciki.

Malamai sun raba haram gida biyu. Akwai wanda shi kansa abin ne haramtacce, kamar mushe da giya. Akwai kuma wanda tsarkakakke ne, hanyar samunsa ce ta ɓata shi. Na biyun ne ke cin mu, domin ba ya wari.

Mu ɗauki mai awon masara a kowace kasuwa ta Zariya. A ce buhunsa tiya 40 ne. Sai ya bubbuga gindin kwanon ya shige ciki, ko ya rage bakinsa, har kowane awo ya ragu da kashi ɗaya cikin 20. Ido ba zai gani ba. Amma buhun nan yanzu tiya 42 zai fitar, kuma kuɗin biyun nan na sama haƙƙin mutane ne. Idan ya sayi nama da su, ko limamin unguwa ne ya yanka ragon, abin da ya kai wa iyalinsa ba halal ba ne. Wani ma kwano biyu gare shi, babba na saye daga manoma, ƙarami na sayarwa. Shi ne ainihin mutumin da farkon Suratul Muɗaffifina, sura ta 83, ya siffanta: in zai karɓa ya cika, in zai bayar ya tauye. Mai saye, kifa kwanon ka duba gindinsa, ko ka zo da naka daga gida.

Sai dai kar mu zarce. Tsada kaɗai ba ta haramta ciniki. Wanda ya ce maka, "Alhaji, kwanona ƙarami ne, ga kuɗinsa," ka gani ka yarda, cinikinsa halal ne. Ɓoyewar ce laifin. A hadisin Muslim, da Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, bai hana sayar da jiƙaƙƙen ba, tambaya ya yi me ya sa ba a ɗora shi a sama mutane su gani ba.

Wurin tuba ne abin ke da nauyi. Wanda ya sha giya, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ya daina, ya yi nadama. Mai tauye awo kuwa sai ya mayar wa masu haƙƙi, ko su yafe masa. Ina zai gano yarinyar da aka aiko daga Tudun Wada shekara uku da suka wuce? Malamai suka ce ya ƙiyasta abin da ya ci, ya yi sadaka da shi a madadinsu, ladan nasu ne ba nasa ba.