Ba kaurin riga ne ke tsare sanyi ba

"Jibi zan tashi daga Gusau zuwa Kanada karatu, kaya na da tsada, in na sayi jaket ɗaya mai kauri sosai ai shikenan ko?"

Ƙanena, wannan maganar na gaji da jinta, kuma ban ga laifinku ba, da hunturu a Gusau suwaita ɗaya ta isa. Amma can ba kaurin riga ke aiki ba, iskar da ke maƙale tsakanin tufafi ita ke riƙe ɗumin jiki. Shi ya sa ake sa hawa ukku, ta ciki mai kama jiki wadda ba ta auduga ba, sai suwaita, sannan jaket mai hula da iska ba ta ratsawa, wadda ta sauko har cinya. Ka saye ta can in ka isa, kuma da ɗan yalwa don suwaita ta shiga.

Auduga ita ce matsalar. Ka ce ka fito cikin sanyin digiri 15 ƙasa da sifili, ka shiga bas mai hita ka yi zufa, singiletinka ta shanye ta, kana sauka sai ka ji kamar an watsa maka ruwan randa a baya. Safa ma haka, ka nemi ta ulu, ƙafa biyu ko ukku, kar ka ninka su har takalmi ya matse ka don jini ba zai gudana ba, yatsu su ƙara sanƙarewa.

Safar hannu kuma wadda yatsu huɗu ke zama wuri guda ta fi ɗumi. In ka ga yatsa ya yi fari ba ka jinsa, shiga ɗaki ka sa a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, kar ka murza.