Kacici-kacicin Wasanni da Agogon Bango Guda Ɗaya

Ƙungiyarmu ta tsofaffin 'yan ƙwallon unguwa da ke Tudun Wadar Zariya ta daɗe da daina buga ƙwallo, domin gwiwoyi sun ƙi, amma ba ta daina gardamar ƙwallo ba. Shi ya sa da aka zo shirya liyafar bayan sallah, Shugaba ya ce a bana a yi gasar kacici-kacici a kan wasanni, ko Allah zai sa gardamar ta samu alƙali. Aka ɗora mini aikin, ba don na fi kowa sani ba, sai don ni ne na makara zuwa taron da aka raba ayyuka.

Tsarin da na yi a takarda ba shi da laifi. Tambayoyi talatin ne: goma sha biyu masu sauƙi, kowace maki ɗaya, goma sha biyu matsakaita, kowace maki biyu, sai shida masu wuya, kowace maki uku, jimilla maki 54. Rukuni shida za su fafata, kowane rukuni mutum biyar, su yi shawara su rubuta amsa ɗaya. Na fi yawaita masu sauƙi da matsakaita da gangan, saboda mutumin da ya ci shinkafa ya ƙoshi, idan aka yi masa tambaya biyar a jere bai san ko ɗaya ba, barci zai yi ko kuma ya tuna cewa ya bar babur ɗinsa a waje.

Inda aikin yake shi ne sanin wace tambaya ce mai sauƙi, domin mai tsara tambaya yana kallon amsar a gabansa, kuma duk abin da mutum yake kallo sauƙi yake yi masa. Saboda haka na ɗauki daftarin na kai teburin mai shayin layinmu, na riƙa gwada tambayoyin a kan masu zuwa karin kumallo, da ƙa'idar cewa idan kusan kowa ya amsa, mai sauƙi ce, idan kamar rabi suka amsa, matsakaiciya ce, idan kuwa mutum ɗaya ko biyu ne suka sani, ta shiga ajin masu wuya. Wadda babu wanda ya sani, sai in soke ta. Wannan bincike ya ci mini kuɗin shayi da ƙwai ba kaɗan ba, tunda babu mai amsa tambaya da yunwa, amma ya nuna mini abin da ban zata ba. Na tambayi wace ƙasa Najeriya ta doke a wasan ƙarshe na Kofin Afirka na 1980 a Legas, wani dattijo mai gyaran rediyo bai ko ajiye kofinsa ba ya ce Aljeriya ce, ci uku da nema, Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya. Samarin da ke gefensa kuwa, waɗanda za su iya jero maka 'yan benci na kowace ƙungiyar Firimiya, suka tsaya suna kallonsa. Ashe wuyar tambaya tana bin shekarun wanda aka tambaya. Daga nan na yanke cewa da ƙuri'a za a haɗa rukunai, a gauraya masu furfura da masu sumar zamani, kuma kowane mataki ya taɓo da da yanzu.

A teburin ne kuma na koyi fitar da matakai uku daga abu guda. Kofin Afirka na 2013 misali ne mai kyau. Wace ƙasa ta ɗauka? Najeriya, maki ɗaya, har mai shayin ya amsa yana fifita wuta. Wace ƙasa ta doke a wasan ƙarshe? Burkina Faso, maki biyu. Wa ya ci ƙwallo ɗaya tilo ta wasan? Sunday Mba, maki uku, kuma wanda ya manta, da zarar ya ji sunan sai ya dafe kai ya ce wallahi yana bakinsa. Wannan dafe kan shi ne alamar tambaya mai wuya ta gaskiya. Na so in ƙara da tambayar a minti na nawa aka ci ƙwallon, sai uwargida, wadda nake karanta wa daftarin da dare ko tana so ko ba ta so, ta ce: “Maigida, wannan kuma ba tambaya ba ce, mugunta ce.” Na soke ta ba tare da musu ba.

Bayan wuya sai adalci, wato kowace tambaya ta kasance da amsa ɗaya tak, a toshe duk wata ƙofa da mai gardama zai bi. Da farko na rubuta: wa ya ci Kofin Afirka yana ɗan wasa, ya sake ci yana koci? A raina Stephen Keshi nake nufi, kyaftin a 1994, koci a 2013. Amma Mahmoud El-Gohary na Masar ya riga shi, ya ci yana ɗan wasa a 1959, ya ci yana koci a 1998, don haka na ƙara kalmomin “wane ɗan Najeriya”, ƙofar ta rufe. Haka tambayar shekarar da Kwaddibuwa ta doke mu da ci biyu da ɗaya a wasan ƙarshe: gasar sunanta ta 2023, amma a watan Fabrairun 2024 aka buga wasan, saboda haka na mayar da ita tambayar ƙasa maimakon ta shekara. Duk tambayar da amsarta za ta iya sauyawa kafin ranar liyafa, irin ta wanda ya fi cin ƙwallaye a kakar bana, na cire ta. A takardar amsoshi kuma na rubuta wa masu duba maki cewa sunan ƙarshe kaɗai ya wadatar, kuma ba jarrabawar rubutu muke yi ba, wanda ya rubuta Yakini ko Amokaci a ba shi makinsa.

Ranar liyafa, bayan sallar isha'i, aka jera kujerun haya a farfajiyar gidan Shugaba, aka ajiye kyautar a kan tebur inda kowa zai gani, agogon bango ne mai ruwan zinare, har yanzu yana cikin ledarsa. Aka zagaya da faranti ana karɓar wayoyi. Ma'aji ya miƙa tasa da fara'a, sai da aka yi nisa aka lura yana yawan leƙa aljihun babbar rigarsa, Sakatare ya je ya karɓo ta biyun, Ma'aji yana rantsuwa cewa lokaci yake dubawa.

Matakin farko ya tafi lafiya lau. Da na tambayi wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a Kofin Duniya, a wasan Bulgeriya na 1994, wani ya kasa haƙuri ya miƙe ya kama ragar da babu ita yana jijjigawa, wanda hakan ya bai wa dukkan rukunai shida amsar Rashidi Yekini kyauta. A mataki na biyu na yi tambayar da nake alfahari da ita: wa ya fara samo wa Najeriya lambar zinare a gasar Olamfik? Rukuni huɗu suka rubuta 'yan ƙwallon 1996, su Kanu, waɗanda suka doke Ajantina da ci uku da biyu a gasar Atlanta. Amsar kuwa Chioma Ajunwa ce, wadda ta ci dogon tsalle ranar 2 ga Agusta, kwana ɗaya kafin wasan ƙarshe na ƙwallo. Aka yi gunaguni, amma gunagunin wanda aka kayar a fili ne, domin tarko ne mai amsa ɗaya, kuma na karanta musu ranakun biyu daga takardata.

Sai tambaya ta ashirin da bakwai, mai maki uku: wa ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993? Na karanta amsar, Rashidi Yekini, rukuni uku suka yi tafi. A can baya wani tsohon malamin makaranta, wanda ya koyar da rabin mutanen da ke wurin, ya ɗaga hannu a hankali ya gyara tabarau.

“Ɗana, wa ya ba shi?”

Na ce: “Baba, Afirka ce ta ba shi.”

“Afirka ba ta da ofis. Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ta ba Yekini, mujallar France Football kuma ta ba Abedi Pele na Ghana, duk a 1993. Mu Abedi Pele muka rubuta.”

Gaskiyarsa ce. A waɗannan shekaru kyautar biyu ce take tafiya kafaɗa da kafaɗa, har a 1994 ma hukumar ta ba Emmanuel Amunike, mujallar ta ba George Weah. Tambayar ta wuce teburin mai shayi ne saboda a can kowa Yekini ya sani, kuma gwaji a kan mutane yana auna wuya ne kawai, ba ya gano amsa ta biyu sai an yi dace da mai ita. Kalmomi biyar, “na Hukumar Ƙwallon Ƙafar Afirka”, da sun raba gardamar. Nan take farfajiyar ta kasu: masu Yekini suka ce a bi takarda, masu Abedi Pele suka ce a bi gaskiya, rukunin Ma'aji kuwa, da ba su rubuta komai ba, suka ce adalci shi ne a soke tambayar gaba ɗaya. Shugaba ya dube ni, na ce: “Ranka ya daɗe, soke ta zai hukunta waɗanda suka sani ya saka wa waɗanda ba su sani ba. A karɓi amsoshin biyu.” Aka karɓa, Ma'aji ya nemi a rubuta cewa bai yarda ba.

Wannan maki uku ne ya kawo rukunin Baba daidai da rukunin Sakatare, kowanne da maki 41. Ban damu ba, domin na tanadi tambayar raba gardama, irin wadda amsarta lamba ce, wanda ya fi kusa shi ya ci: mita nawa Chioma Ajunwa ta tsallaka a Atlanta? Amsar mita 7.12 ce. Wani daga cikin waɗanda aka riga aka fitar ya yi ihu cewa mita talatin ne, aka tuna masa cewa tsalle ta yi, ba jirgi ta shiga ba. Aka kawo takardu biyu. Rukunin Sakatare sun rubuta mita 7 cif. Rukunin Baba, bayan doguwar shawara da lissafi a bayan kwalin lemo, sun rubuta mita 7.24. Na lissafa, na sake lissafawa, na miƙa wa Baba da kansa ya duba, tunda shi ya koya mini ɗebewa: santimita goma sha biyu ta ƙasa, santimita goma sha biyu ta sama. Tambayar raba gardama ta biyu kuwa ban tanada ba.

Dare ya yi, mai kujeru ya iso da a-kori-kurarsa yana jira a ƙofa. Shugaba ya ɗauki agogon ya juya shi gaba da baya yana neman inda za a raba, sannan ya yanke hukunci cewa rukunin Baba su tafi da agogon saboda girma, rukunin Sakatare kuma su riƙe batirin. Ni kuma aka amince baki ɗaya, ban da ƙuri'ata, cewa ni zan sayo agogo na biyu daga aljihuna kafin taro mai zuwa.